Tambayoyi da amsoshi: zaɓen ƙaramar mai tasiri don tallar kayanki, da gane ko mabiyanta na gaske ne

Mafi yawan masu yi mini waɗannan tambayoyi mata ne masu sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da humra da dakakken yaji da dambun nama, shi ya sa zan yi magana kamar da ɗayarsu nake. Misalin da zan riƙe daga farko har ƙarshe shi ne na mai haɗa turaren wuta a Kano. Mai kilishi ko mai ɗinki zai iya ɗora nasa lissafin a kan wannan ba tare da wata wahala ba.

Wa ake kira ƙaramar mai tasiri?

A wajen masu harkar talla, yawanci ana nufin mai mabiya daga 10,000 zuwa 100,000 a Instagram ko TikTok ko Facebook. Wadda ba ta kai 10,000 ba ana sa ta a wani rukuni na ƙasa da wannan. Babu wata hukuma da ta yanka wannan iyaka, al'adar 'yan kasuwar ce kawai, don haka kada ki ɗauke ta da nauyi. Matar da ke koyar da girki tana da mabiya 7,000, mata na tambayarta inda ta sayi tukunyarta, ta cancanci ki duba ta ko da ba ta kai adadin ba.

Me ya sa ba zan tara kuɗi in je wajen babbar tauraruwa kai tsaye ba?

Saboda kayanki a Kano suke, kuma inda direban tasha ko mai adaidaita zai iya kai su nan ne iyakar kasuwarki. Tauraruwa mai mabiya miliyan biyu, masu kallonta suna Kano da Legas da Maraɗi da Kumasi da Jidda, maza da mata da yara. Za ta caje ki kuɗin dukansu, alhali waɗanda za su iya sayen kwalbar turarenki kaɗan ne a ciki. Ƙaramar kuwa sau da yawa mabiyanta 'yan gari ɗaya ne ko yanki ɗaya, kuma abu ɗaya ya tara su.

Akwai kuma batun amana. Shafin da ke saka talla biyar a rana, yau maganin basir, gobe fili, jibi atamfa, mutane sun saba wuce tallarsa da yatsa. Wadda take amsa sharhin mabiyanta da kanta, tana kiran wasu da suna, idan ta ce "na gwada wannan turare a ɗakina", maganarta tana da nauyin maganar maƙwabciya.

Ko da tallar tauraruwar ta ci, ki tambayi kanki: idan oda 300 suka shigo a yini ɗaya, kina da kayan? Kina da mai amsa waya? Kwastoman da ta yi magana aka kwana biyu ba a amsa mata ba, ba kasafai take dawowa ba.

Daga ina zan fara neman wadda ta dace?

Daga wayoyin kwastomominki. Ki zaɓi goma daga cikin waɗanda suka sayi kayanki fiye da sau ɗaya, ki tambaye su: wa kike kallo kullum? Wa kika taɓa sayen abu saboda ta yi maganarsa? Sunan da ya fito daga bakin mutum uku ko huɗu shi ne na farko a jerinki. Wannan hanya ta fi neman suna a akwatin bincike, domin tun kafin ki buɗe shafin kin riga kin san akwai mutane na gaske, masu saye, da suke kallonta.

Bayan haka ki duba irin abin da take sakawa. Turaren wuta ya fi zama a shafin gyaran gida, girki, kayan ɗakin amare ko lalle. Shafin barkwanci ko na ƙwallo yana iya fin su masu kallo nesa ba kusa ba, amma wanda ya zo yin dariya bai zo da tunanin ƙamshin ɗaki ba.

Ki tara suna biyar zuwa takwas, ki bi su na mako biyu ba tare da kin yi musu magana ba. A cikin makonnin nan za ki ga yawan tallar da suke sakawa, da yadda suke yi wa mutane magana, da ko suna shiga rigima da zage-zage. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Sunan kayanki zai rataya da nata, kuma matar aure da mijinta ya ga irin shafin da ta samo lambarki tana iya fasa cinikin.

Ana iya sayen mabiya da gaske? Yaya abin yake?

Ana iyawa, kuma da araha. Akwai shafukan intanet da ke sayar da mabiya da laik da kallo da sharhi, dubu-dubu, a tura su cikin sa'o'i. Wasu asusun na'ura ce ta ƙirƙire su, wasu kuma na mutane ne da ake biya ko aka yi wa kutse. Kamfanonin sun san da haka. A watan Nuwamba na 2018 Instagram ya sanar da cewa zai riƙa cire laik da mabiya da sharhin bogi da ake samu ta wasu manhajoji, kuma har yau ana irin wannan shara lokaci zuwa lokaci. Duk da haka kasuwar ba ta mutu ba.

Sai dai a ganina, a shafukan Hausa sayen mabiya kai tsaye ba shi kaɗai ne matsalar ba. Akwai hanyoyi uku da suke tara mutane na gaske waɗanda ba za su amfane ki ba.

Ta farko rabon kyauta: "ku bi wannan shafi ku ci kati ko data". Mutane ne suka bi, amma kati suka zo nema, kuma ba za su sake buɗe shafin ba sai an sake rabo.

Ta biyu sayen shafi gaba ɗaya. Wani zai gina shafi da hotunan 'yan fim ko labaran gulma har ya tara mabiya 60,000, sai ya sayar. Mai saye ta goge komai, ta canja suna, ta fara saka hotunanta. Mabiyan ba su san ta ba, ba su ma san suna bin ta ba.

Ta uku adashen sharhi. Masu shafuka ashirin ko talatin suna da guruf a WhatsApp, duk wadda ta saka abu sai ta tura, sauran su garzaya su yi laik da sharhi. Daga waje sai ki ga shafi yana ta motsi, alhali su ne dai suke zagaya juna. Taron tsintsiya ne, ba shara.

Me zan iya dubawa da kaina kafin in yi mata magana?

Abu na farko shi ne kallon bidiyo, domin a TikTok da Instagram ana ganin adadinsa a fili. Ki ɗauki bidiyo goma sha biyu na baya-bayan nan. Kada ki haɗa da waɗanda ta maƙale a saman shafi, don kowa abin da ya fi tashe yake maƙalewa. Ki rubuta adadin kallon kowanne, ki cire biyu mafi yawa da biyu mafi ƙaranci, sannan ki duba inda sauran takwas suka tsaya. Wannan shi ne ainihin mutanen da take iya kaiwa gare su a rana ta yau da kullum. Shafi mai mabiya 85,000 da bidiyonsa ke tsayawa a kallo 1,500 yana gaya miki cewa yawancin mabiyan ba sa nan.

A cikin bidiyon nan ki ware waɗanda talla ce, ki kwatanta su da sauran. Idan bidiyon girkinta yana samun kallo 20,000 amma duk talla tana faɗuwa zuwa 2,000, to 2,000 ɗin za ki saya.

Abu na biyu lissafin mu'amala, wato kason mabiyan da suke taɓa abin da ta saka:

```
(laik + sharhi) ÷ mabiya × 100
```

Ba zan ba ki adadin da za a ce shi ne na ƙwarai ba, domin yana bambanta tsakanin manhaja da manhaja, kuma yana sauka idan shafi ya girma. Amfaninsa yana wajen kwatanta shafuka masu kusan girma ɗaya, masu saka abu iri ɗaya. Idan uku suna kusa da juna, ta huɗu ta yi ƙasa da su sau goma, akwai abin tambaya. Haka ma idan laik ya yi kusan daidai da yawan kallo, ko kuma kowane hoto yana samun kusan adadi ɗaya ba hawa ba sauka. Mutanen gaske ba sa son komai daidai wa daida. Wani abu zai burge su, wani su wuce.

Abu na uku, a Instagram ki buɗe shafin, ki taɓa sunan da ke sama ko ɗigo ukun nan, ki shiga About this account. Zai nuna miki watan da aka buɗe asusun, da ƙasar da yake, da sau nawa aka canja masa suna. Shafin da aka buɗe a 2017, aka canja masa suna sau shida, amma hoton farko da ke kai na watan jiya ne, da alama hannu ya canja. Akwai kuma wani shafin intanet mai suna Social Blade, inda ake iya ganin yadda mabiyan shafi suka ƙaru kwana bayan kwana, idan shafin yana cikin waɗanda yake bibiya. Tashin 9,000 a dare ɗaya, sannan raguwa kaɗan-kaɗan kullum, alama ce ta saye ko rabon kyauta. Amma ki koma ki duba abin da ta saka a ranar. Idan wani bidiyonta ne ya yi tashe har ya samu kallo dubu ɗari biyar, tashin halal ne.

Yaya zan karanta sharhi in gane na gaske?

A nan ne kike da abin da babu manhajar da ke da shi, wato kunnen Hausa. Ki buɗe sharhin bidiyo biyar, ki karanta a hankali.

"Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira" da alamar zuciya ba shaidar bogi ba ne, haka mutanenmu suke sharhi. Amma ba shaidar saye ba ne kuma. Abin da kike nema shi ne maganar da ta shafi abin da ke cikin bidiyon: "Anti, wane irin mai kika sa?", "nawa ne ƙaramar kwalbar?", "ana kawowa Zariya?", "na gwada jiya amma nawa ya kama". Har wadda ta zo da ƙorafi alama ce mai kyau, domin mai sayar da sharhin bogi yabo kawai yake turawa.

Sai ki duba su wane ne suke sharhin. Idan sunaye goma sha biyar ɗin nan dai su ne a ƙarƙashin kowane hoto, cikin mintunan farko, kuma kin buɗe su kin ga duk masu neman talla ne irinta, to adashe ne. Idan kuma shafin Hausa ne zalla amma sharhin ya cika da gajerun kalmomin Turanci na yabo daga mutane masu sunayen Indiya ko Brazil ko Turkiyya, ba sai an faɗa miki ba.

Ki lura ko tana amsawa. Wadda aka tambaya farashin kayan da ta tallata har mutum ashirin ba ta amsa ko ɗaya ba, haka za ta yi wa naki.

Na buɗe jerin mabiyanta na ga da yawa ba su da hoto, ba su saka komai ba. Bogi ne ke nan?

A'a, kuma ina so ki tsaya a kan wannan, domin nan ne ake yawan zaluntar masu shafukan kirki. Shawarar da ake bayarwa a wasu ƙasashe ita ce asusun da ba hoton fuska, ba rubutu, na bogi ne. A ƙasar Hausa kuwa mata da yawa, musamman matan aure, haka asusunsu yake da gangan: a kulle, da hoton fure ko aya ko jariri, da suna irin Maman wane ko Ummu wance, ba su taɓa saka komai ba. Kallo suke yi, su yi saye. Su ne ma ainihin kwastomomin turaren wuta. Manhajojin tantance mabiya na kuɗi irin su HypeAuditor da Modash suna aiki ne da alamomin da na'ura ke gani, don haka idan kin samu rahotonsu ki haɗa shi da naki idon, kada ki yanke hukunci da shi kaɗai.

Ga yadda nake yi. Nakan gangara cikin jerin mabiya, in tsaya a wurare daban-daban, in buɗe asusu hamsin. Wanda nake sa wa alamar tambaya shi ne wanda abubuwa biyu ko uku suka haɗu a kansa: suna na haruffa da lambobi da ba ya karantuwa, bin mutane dubu shida ko bakwai alhali shi mutum uku ke bin sa (iyakar da Instagram ya yarda mutum ya bi ita ce 7,500), da kuma bayanin kai cikin harshen da ba shi da alaƙa da mai shafin. Biyar cikin hamsin ba komai ba ne, kowane shafi yana kwasar irinsu ba tare da ya nema ba. Idan sun kai ashirin ko fiye, nakan rufe in wuce.

Me zan nema ta turo mini?

Duk mai shafin sana'a a Instagram tana da sashen Insights, a TikTok kuma Analytics. A nan ake ganin garuruwa da ƙasashen mabiya, da kason maza da mata, da shekarunsu, da lokutan da suka fi shiga. Ki nemi na kwana 30 na ƙarshe, tare da bayanin bidiyo biyu na talla da ta yi kwanan nan, da yawan masu kallon sitorinta.

Kada ki karɓi hoton allo, don gyara lamba a hoto abu ne na minti biyu. Ki ce ta ɗauki bidiyon allon wayarta, ta fara daga shafinta inda sunanta yake, ta shiga sashen, ta gangara a hankali. Idan gari ɗaya kuke, abin da ya fi shi ne ku haɗu ta buɗe a gabanki. Gani ya kori ji.

Ki yi tambayar da ladabi, don ba tuhuma ba ce: "Anti, don Allah ko za ki taimaka mini da bayanan masu kallonki, ina so in ga ko 'yan Kano da Kaduna suna da yawa, saboda nan nake iya kai kaya." Wadda ta saba da aikin ba za ta ji komai ba. Wadda ta fusata ta ce ai kowa ya san ta, kin samu amsarki.

Ki kuma roƙe ta sunan masu sana'a biyu da ta yi wa talla a watannin baya. Gara ma ki nemo su da kanki daga tsofaffin bidiyonta, ki tambaye su mutum nawa suka yi magana, nawa suka saya.

Mabiyanta na gaske ne, amma da yawa 'yan Nijar da Ghana da Saudiyya ne. Matsala ce?

Ya danganta da inda kayanki ke iya zuwa. Hausa ba ta tsaya a iyaka ba, don haka shafin Hausa mai kyau dole ya tara 'yan Maraɗi da Damagaram da Yamai da zangon Accra da Kumasi da mazauna Makka. Waɗannan mutane ne na gaske, kada ki haɗa su da na bogi. Idan kina da direban da ke kai saƙo Maraɗi, kuma kin san yadda kuɗin sefa zai iso hannunki, su ma kasuwa ne. Idan ba ki da wannan, ki cire su daga lissafi, ki ƙirga waɗanda ke cikin garuruwan da kike kaiwa kawai.

Ki nuna mini lissafin da misali.

Mu ɗauka kwalbar turarenki naira 5,000 ce, kuɗin haɗa ta 3,500, riba 1,500. Duk wadda za ta yi miki talla za ki ba ta kwalba ɗaya ta gwada. Kina kai kaya Kano da Kaduna da Zariya. Lambobin nan na misali ne, ki sa naki a gurbinsu.

A ce masu talla uku kike dubawa. Ta farko tana da mabiya 85,000, tana neman naira 40,000. Bidiyonta yana tsayawa a kallo 1,500, kuma kashi 20 cikin ɗari ne kawai matan garuruwanki. Mutum 300 ke nan. Kuɗin talla da kwalbar gwaji sun kama 43,500, sai kin sayar da kwalba 29 kafin ki mayar. Wato kusan mutum ɗaya cikin kowane goma da suka gani sai ta saya. Ban ga tallar da za ki dogara ta yi miki haka ba.

Ta biyu 'yar barkwanci ce a TikTok, mabiya 42,000, kallo 30,000, duk na gaske, tana neman 30,000. Amma mata kashi 22 ne kawai, wato 6,600, kuma rabinsu ne a garuruwanki, 3,300. Jimillar kuɗi 33,500, kwalba 23 kafin ki mayar. Ɗaya cikin kusan 140.

Ta uku tana koyar da girki da gyaran gida, mabiya 14,000, kallo 5,500, tana neman 15,000. Mata kashi 80 ne, wato 4,400, kuma kashi 60 nasu a garuruwanki suke, 2,640. Jimilla 18,500, kwalba 13 kafin ki mayar. Ɗaya cikin kusan 200.

Ta farko ta fita. Tsakanin ta biyu da ta uku, ni ta uku zan fara da ita. Kuɗin da za ki sa a haɗari kusan rabi ne, kason masu sayen da kike buƙata ya fi sauƙi, kuma matan da ke kallonta gida suka zo koyon gyarawa. Ga kuma shekaru: idan yawancin matan da ke kallon ta biyu 'yan 18 zuwa 24 ne, da yawansu ɗalibai, turaren 5,000 ba shi ne a gabansu ba.

Akwai iyakar wannan lissafi. Kason da na yi amfani da shi na mabiya ne, kuma masu kallon bidiyo ba lallai su zama mabiya ba, musamman a TikTok inda sashen For You ke kai bidiyo ga baƙi. Shi ya sa na ce ki nemi bayanin bidiyon talla ɗaya-ɗaya. Idan ya saɓa da na mabiya, ki bi na bidiyon.

Masu tallar sitatus da guruf na WhatsApp fa?

A nan babu abin da za ki iya gani daga waje, don haka komai sai ta nuna miki. Ki nemi bidiyon allo na masu kallon sitatus ɗinta a ranaku uku daban-daban, da yamma bayan ya daɗe a sama, kuma ki duba na ƙarshen jeri. Wadda ke saka abu arba'in a rana, mutane 2,000 za su buɗe na farko, amma nawa ne suke kaiwa na talatin da biyar inda naki yake? Ki yi sharaɗin a sa naki cikin biyar na farko.

Guruf kuwa iyakarsa mutum 1,024, kuma cikarsa ba ta nuna komai. Ki nemi a sa ki a ciki na kwana uku. Idan kowa talla yake zubawa ba mai tambayar farashi, taron masu sayarwa ne.

Yaya za mu yi yarjejeniya?

A rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne, kuma ta amsa da "na amince". Ki rubuta bidiyo nawa da sitori nawa, ranar da za a saka da lokacin, kwana nawa zai zauna ba a goge ba, da cewa ba za ta tallata turaren wata ba na mako biyu, da ko kina da izinin saka bidiyon a naki shafin. Kuɗi rabi kafin aiki, rabi bayan ya hau. Biyan duka tun farko ga wadda ba ki taɓa aiki da ita ba cinikin biri a sama ne.

Ki ba ta kayan mako guda kafin ranar, ta yi amfani da shi, ta faɗi abin da ta ji da bakinta. Abin da za ki dage a kai uku ne: farashi, garuruwan da ake kaiwa, da yadda za a same ki.

Ta bayyana cewa talla ce. A Instagram akwai alamar Paid partnership don haka. Kada ki bar ta ta ce kayanki yana warkar da wata cuta. A Najeriya abinci da kayan shafawa da magunguna suna ƙarƙashin NAFDAC, kuma tallace-tallace suna ƙarƙashin ARCON, hukumar da dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, wadda ta ce tallar kafafen sada zumunta ma sai an tantance ta kafin a saka. Ki nemi bayanin abin da ya shafi kayanki daga wajensu kafin ki fara kashe kuɗi mai yawa.

Yaya zan san tallarta ce ta kawo ciniki?

Ki ba kowace mai talla tata alamar. Hanya mafi sauƙi ita ce mahaɗin WhatsApp mai ɗauke da saƙo a shirye. Ki sa lambarki bayan 234, ba tare da sifirin farko ba:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Na%20gani%20a%20shafin%20girki
```

Duk wadda ta taɓa shi, saƙon zai fito mata a rubuce, ke kuma kin san daga ina ta zo. Ga waɗanda za su kwafi lamba da hannu, ki sa wata kalma da za su faɗa a rage musu naira 200, ko ki tambayi kowace sabuwa inda ta gan ki. Ki rubuta a littafi: rana, daga wa ta zo, ta saya ko ba ta saya ba. Kada ki saka masu talla biyu a mako ɗaya a gwajin farko, don ba za ki iya raba sakamakonsu ba.

An saka talla, kwana bakwai, ciniki bai zo ba. Laifin wa?

Ki bi abin daki-daki kafin ki ɗora wa kowa. Ki nemi bayanin bidiyon daga wajenta. Idan kallon ya yi ƙasa sosai da abin da ta nuna miki tun farko, matsalar daga ɓangarenta take, kuma kina da hujjar neman ta sake sakawa kafin ki cika sauran kuɗin.

Idan kallo ya kai amma saƙo bai shigo ba, ko dai masu kallon ba masu sayen irin kayanki ba ne, ko bidiyon bai faɗi farashi da hanyar samunki a fili ba. Ki koma ki kalle shi kamar baƙuwa. Idan kuma kallon ya yi tsalle cikin sa'a ɗaya ya tsaya cak, ba sharhi, ba wadda ta adana ko ta tura wa wata, akwai yiwuwar an saya wa bidiyon kallo ne don a rufe miki baki.

Idan saƙo ya shigo da yawa, mutum sittin sun tambaya amma uku suka saya, to ita ta yi aikinta. Ki duba naki ɓangaren: minti nawa kike ɗauka kafin ki amsa, ko kuɗin kai kaya ya kusa kai kuɗin kwalbar, ko ba ki da ƙaramar kwalba ta 2,000 da sabuwar kwastoma za ta fara gwadawa da ita. Ki koma kan saƙonnin nan sittin ki ga a wace magana kowacce ta yi shiru. Idan yawancinsu bayan kin faɗi kuɗin mota ne, nan za ki gyara kafin ki sake biyan kowa.

Littafinki kuma kada ki rufe shi a kwana bakwai. Wasu sai albashi ya shigo a ƙarshen wata suke dawowa, wasu sai biki ya taso. Ki sake duba shi bayan wata biyu, ki ƙirga har da waɗanda suka sayi kwalba ta biyu, sannan ki yanke shawarar ko za ki koma wajen wannan mai talla ko ki gwada ta gaba a jerinki.